An turo maka hoton Excel da #N/A a ciki: yadda ake gano inda fomula ta karkace da yadda ake gyara ta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kula da lissafin shago, da malaman da ke haɗa sakamakon jarrabawa, da ma'aikatan ofis suke yawan yi idan sun turo hoton fuskar kwamfutarsu suna neman ɗauki. Mafi yawan amsoshin a kan #N/A suke, domin shi ya fi damun mutane, kuma shi ne aka fi yi wa gyaran da ba daidai ba.

Na turo hoton akwatin da ya nuna kuskure, sai aka ce in sake ɗauka. Me ya rage a hoton nawa?

Galibi abin da ya rage shi ne fomular kanta. Mutum yakan yanko ɗan akwatin da ke ɗauke da #N/A shi kaɗai, alhali wannan rubutun sakamako ne kawai, ba shi ne abin da aka rubuta a akwatin ba. Abin da aka rubuta yana can sama, a dogon layin nan da ke da alamar fx a gefensa, kuma ba ya fitowa sai an danna akwatin.

To ka fara danna akwatin da ke da matsalar sau ɗaya, sannan ka ɗauki hoton yadda zai kama layin fx gaba ɗayansa, da haruffan kolum da ke sama, wato A, B, C, da lambobin layi da ke gefen hagu. In babu waɗannan haruffa da lambobi, ko an ga fomula tana cewa A14, babu wanda zai san wane akwati ne A14 a cikin hoton. Idan fomular tana ɗauko bayani daga wani shafi, shi ma a ɗauki hotonsa, tun daga layin farko inda kanun kolum suke.

A Windows, danna Windows+Shift+S ya fi ɗaukar fuskar kwamfuta da waya, domin a hoton waya waƙafi da aya sukan zama abu ɗaya, kuma sau da yawa a kan waƙafi ɗaya matsalar take. In kana da hali, ka kwafo fomular ka liƙa ta a saƙon a matsayin rubutu. Kafin ka tura kuma, ka rufe sunayen mutane da lambobin asusunsu da albashinsu. Mai taimako ba ya buƙatarsu, kuma hoto in ya shiga zauren WhatsApp ya fita daga hannunka.

Da na buɗe hoton, ina zan fara dubawa?

Ka karanta sunan kuskuren tukuna, domin kowanne yana faɗin irin abin da ya faru. #N/A na nufin an nemi abu ba a same shi ba. #VALUE! na nufin an ba fomula irin abin da ba ta iya aiki da shi, kamar a ce ta ninka rubutu da lamba. #REF! na nufin akwatin da take nuni gare shi babu shi yanzu. #DIV/0! rabawa ce da sifili ko da akwatin da ba komai, shi kuma #NAME? yana cewa akwai kalma a fomular da Excel bai sani ba.

Daga nan sai ka dubi yadda kuskuren ya bazu a shafin, kuma a ganina wannan ya fi komai saurin kai mutum ga amsa. Idan kolum ɗin gaba ɗaya ya lalace tun daga layin farko, fomular ce ba a gina ta daidai ba, ko kuma kolum guda an ajiye shi a matsayin rubutu. Idan layukan sama lafiya lau suke, amma kuskuren yana ƙaruwa yayin da ake gangarawa ƙasa, to zangon ne yake zamewa, wato jerin akwatunan da ake nema a ciki. Idan kuwa kuskuren nan ɗaya can ɗaya ne, fomular mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, abin da aka shigar a waɗannan layukan ne ke da matsala.

Akwatuna da yawa ne suka nuna #N/A, har da jimla ta ƙasa. Duk sai na gyara su?

A'a. Kuskure a Excel yana bin duk fomular da ta taɓa shi, kamar yadda ruwan da ya gurɓace a mafari yake isa kowane famfo a gurɓace. Idan C14 na ɗauke da #N/A, to D14 da ke ninka shi da adadin kaya zai nuna #N/A, jimlar kolum D ita ma haka. Akwati ɗaya ne ya lalace, sauran gado suka yi.

Akwai alamar da ke nuna haka ƙarara. Fomula irin `=SUM(D2:D200)` ko `=B14*C14` ba ta neman komai, don haka ba za ta iya haifar da #N/A da kanta ba. Duk inda ka ga ta nuna shi, ka bi akwatunan da ta ambata baya-baya har ka isa wanda ke da VLOOKUP ko MATCH ko XLOOKUP. In fayil ɗin yana hannunka, shiga Formulas, buɗe ɗan kibiyar da ke gefen Error Checking, ka zaɓi Trace Error, zai ja maka kibiya daga mafarin kuskuren.

Ga nawa hoton: VLOOKUP yana aiki a sama, amma daga tsakiya zuwa ƙasa #N/A ya yi yawa. Me ya faru?

Bari mu bi wannan dalla-dalla, domin shi ne misalin da za mu yi ta komawa kansa. Littafin lissafin shagon kayan masarufi ne mai shafi biyu. Shafin Farashi yana da lambar kaya a kolum A, sunan kaya a B, farashi a C, daga layi na 2 zuwa na 60, lambobin kuma sun fara daga 1001. Shafin Sayarwa yana da lambar kaya a A, adadin da aka sayar a B, farashi a C, jimla a D. A C2 an rubuta wannan, aka ja ta ƙasa:

```
=VLOOKUP(A2,Farashi!A2:C60,3,FALSE)
```

A layi na 2 babu abin da za a ce mata. Amma a hoton an danna C14, ga abin da layin fx ya nuna:

```
=VLOOKUP(A14,Farashi!A14:C72,3,FALSE)
```

Dubi zangon: ya tashi daga A2:C60 ya koma A14:C72. Da aka ja fomular ƙasa, ba A2 kaɗai ya sauya zuwa A14 ba, teburin da ake nema a ciki shi ma ya gangara layi goma sha biyu. Kayan da aka sayar a layi na 14 lambarsa 1005 ce, kuma 1005 tana layi na 6 a shafin Farashi, wato sama da inda neman ya fara yanzu. Excel bai yi ƙarya ba da ya ce bai gani ba, domin a inda aka ce ya duba babu ita. Wannan ne ya sa kuskuren ke ƙaruwa can ƙasa: kowane layi da aka sauka, kaya ɗaya ya fice daga saman teburin.

Gyaran shi ne a ɗaure zangon da alamar dala. Ka koma C2, ba C14 ba, ka danna F2, ka zaɓi A2:C60 a cikin fomular, ka danna F4 sau ɗaya. A wasu ƙananan kwamfutocin hannu sai an haɗa da Fn. Za ta koma haka:

```
=VLOOKUP(A2,Farashi!$A$2:$C$60,3,FALSE)
```

Sannan ka sake jan ta har ƙasa. Ka lura A2 na farko ba a ɗaure shi ba, domin shi ana so ya riƙa sauyawa da kowane layi. In ka ɗaure shi, kuskure zai ɓace, amma kowane kaya zai ɗauki farashin kayan layi na 2.

Na sa alamar dala, yawancin sun gyaru, amma C9 ya ƙi. Kuma da idona ina ganin 1047 a shafin Farashi.

Sake duban hoton, ka kalli A9 da maƙwabtansa. Sauran lambobin sun jingina da gefen dama na akwatinsu, ita kuwa 1047 ta jingina da hagu, kuma akwai ɗan koren kusurwa a saman akwatin ta hagu. Idan ba a taɓa tsarin jeri ba, Excel yana ajiye lamba a dama, rubutu a hagu. Wannan 1047 ɗin rubutu ce, wadda ke Farashi kuwa lamba ce, kuma a wurin VLOOKUP ba abu ɗaya ba ne ko da ido bai ga bambanci ba.

Hakan na faruwa idan an kwafo bayani daga wata manhaja ko daga saƙo, ko an sa alamar ' kafin lambar, ko kuma akwatin tun asali an saita shi a kan Text. Jerin dama da hagu ba hujja ba ce idan an riga an tsakaita kolum ɗin, don haka ka tabbatar a wani akwati da ba komai:

```
=ISNUMBER(A9)
=ISNUMBER(Farashi!A48)
=COUNTIF(Farashi!$A$2:$A$60,A9)
```

Idan na farko ya ba da FALSE, na biyu TRUE, ka kama ɓarawon. Na uku kuma ƙarin shaida ne mai kyau: COUNTIF ba ya bambanta lamba da rubutun da ya yi kama da lamba, don haka zai ba da 1. Duk lokacin da COUNTIF ya ce akwai, VLOOKUP ya ce babu, a zango guda, kusan kullum wannan ce matsalar.

Idan akwati ɗaya ne ko biyu, danna shi, buɗe ɗan alamar gargaɗi da ke fitowa gefensa, ka zaɓi Convert to Number. Idan kolum guda ne, zaɓe shi, ka tabbatar tsarinsa General ne, shiga Data, danna Text to Columns, sannan Finish kai tsaye. Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne sauya tsarin akwati daga Text zuwa Number kawai ba ya mayar da abin da ke ciki lamba. Sai an sake shigar da shi, wato F2 da Enter, ko a bi ta Text to Columns.

Ana iya gyarawa a cikin fomula, a sa `VALUE(A9)` a maimakon `A9`. Yana aiki, amma ni na fi son a gyara bayanin kansa, domin gobe wata fomular za ta sake tuntuɓe da wannan akwatin.

To kullum sai in mayar da rubutu lamba ke nan?

Ba kullum ba, kuma a nan a yi hattara. Lambar wayar Najeriya da sifili take farawa, lambobin asusun banki da yawa su ma haka. Da zarar ka mayar da su lamba, sifilin farko ya tafi, lambar waya mai alƙaluma 11 ta koma 10. Ƙari a kan haka, Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba, abin da ya haura sai ya mayar da shi sifili, kuma ba ya dawowa. Duk lambar da ba a tarawa ko ninkawa, kamar ta waya ko ta asusu ko ta rajistar ɗalibi, rubutu ya fi dacewa da ita.

A irin wannan hali sai a juya gyaran. Idan teburin yana ɗauke da rubutu, abin da kake nema kuma lamba ce, ka mayar da shi rubutu a cikin fomular ta hanyar rubuta `A9&""` a maimakon `A9`. Amma wannan ba zai dawo da sifilin da ya riga ya ɓace ba. In ka san tsawon lambar, `TEXT(A9,"0000000000")` zai cike ta zuwa alƙaluma goma.

Da sunan kaya nake nema, ba da lamba ba. Sukari a nan, Sukari a can, amma #N/A.

Babban baƙi ko ƙarami ba ya hana VLOOKUP gani, don haka ba shi ba ne. Abin da ya fi yawa shi ne fili da aka bari a ƙarshen kalma, wanda hoto ba ya nunawa ko kaɗan. Ka ce wa mai fayil ɗin ya rubuta `=LEN(A20)` ya faɗa maka abin da ya fito. Sukari haruffa 6 ne. In ya ga 7, akwai baƙon da ba a gani.

TRIM ne ke cire irin wannan filin:

```
=VLOOKUP(TRIM(A20),Farashi!$B$2:$C$60,2,FALSE)
```

Idan an sa TRIM amma LEN bai sauka ba, to filin wani iri ne, wanda ke biyo rubutun da aka kwafo daga shafin intanet. Lambarsa 160, shi kuwa TRIM filin kibod na yau da kullum kaɗai yake cirewa, mai lamba 32. Sai a fara musanya shi:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A20,CHAR(160)," "))
```

Ka tuna filin yana iya kasancewa a ɓangaren teburin, ba a abin da kake nema ba, don haka a auna duka biyun. Masu rubuta sunaye da Hausa kuma suna da nasu tarkon: Ƙwai da Kwai kalmomi biyu ne daban a wurin Excel, haka ma Ɗanwake da Danwake. Idan mutum biyu ke shigar da bayani, ɗaya kibod ɗinsa na da haruffa masu lanƙwasa, ɗaya babu, #N/A ba zai ƙare ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa nema da lambar kaya ya fi nema da suna.

Saura guda ɗaya, C31. Lamba ce sosai, babu fili, kuma kayan yana cikin Farashi.

Duba layin da yake. Lambar 1060 ce, sabon kaya da aka ƙara a layi na 61, fomular kuma a 60 ta tsaya. Ko dai ka faɗaɗa zangon, ko ka yi amfani da kolum gaba ɗaya, `Farashi!$A:$C`, ko kuma, wanda ya fi, ka mayar da jerin farashin tebur da Ctrl+T, ka zaɓi teburin a fomular, yadda duk abin da aka ƙara a ƙasa zai shiga da kansa.

Akwai kuma wani dalili da ake ganewa daga hoto nan take: VLOOKUP a kolum na farko na zangon kaɗai yake nema. Idan lambobin kaya suna B amma zangon ya fara daga A, kolum ɗin gaba ɗaya zai cika da #N/A.

Wani ya ce in naɗe fomular da IFERROR, komai zai wuce. Ba shi ne mafi sauƙi ba?

Shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne shawarar da na fi jin takaicinta. IFERROR ba ya gyara komai, rufe kuskuren kawai yake yi. Koma kan C9. A ce katan 12 aka sayar, farashin kowanne naira 18,500. In ka rubuta `IFERROR(VLOOKUP(...),0)`, farashin ya zama sifili, D9 ya zama sifili, jimlar ƙasa ta fito tsaf babu wata alama, alhali naira 222,000 sun fita daga lissafin. Ranar da za a zauna ƙidayar kaya, yaron shago za a fara tuhuma. Da #N/A ɗin nan yana wurin, ai da kowa ya san akwai abin dubawa.

Haka kuma IFERROR yana haɗiye kowane irin kuskure. Idan wani ya goge kolum gobe, #REF! ɗin da ya kamata ya yi maka ihu shi ma sifili zai koma.

Akwai lokacin da rashin samun abu ba laifi ba ne, misali kayan da ba a sa wa farashi ba tukuna. A nan IFNA ya fi, wanda ke cikin Excel tun na 2013, domin #N/A kaɗai yake tarewa. Kuma a sa masa kalmar da za a gani, ba sifili ba:

```
=IFNA(VLOOKUP(A2,Farashi!$A$2:$C$61,3,FALSE),"Babu farashi")
```

Sai dai yanzu `=B2*C2` zai ba da #VALUE! a layin da aka samu wannan kalmar, tunda ba a ninka lamba da rubutu. Haka ma zai faru in ka sa `""`, domin shi ma rubutu ne duk da akwatin ya yi kamar ba komai. Sai a gyara kolum D, a kuma ajiye ƙidaya kusa da jimla don a san layi nawa ba su shiga ba:

```
=IF(ISNUMBER(C2),B2*C2,"")
=COUNTIF(C2:C200,"Babu farashi")
```

Na cire FALSE daga ƙarshen fomular, sai #N/A ya ɓace. Na gyara ke nan?

Ba ka gyara ba, ka ma ƙara ɓata ta. In babu FALSE, VLOOKUP yana ɗauka ka yarda da mafi kusa, sai ya ba ka lamba mafi girma da ba ta wuce wadda kake nema ba. A misalinmu 1060 da ba ta cikin zango za ta ɗauki farashin 1059, wani kaya daban. Idan kuma jerin ba a tsare yake daga ƙarami zuwa babba ba, abin da zai fito ba shi da tabbas ko kaɗan. Neman mafi kusa yana da wurinsa, kamar mayar da maki zuwa daraja, inda 70 zuwa sama ke zama A. Amma ga lambar kaya ko ta ma'aikaci, FALSE ko 0 dole ne. Duk hoton da na ga VLOOKUP a ciki da abu uku kawai a baka, ina faɗa wa mai shi ko bai tambaya ba.

Nawa #REF! ne, ba #N/A ba.

Dubi layin fx. Idan kalmar #REF! tana cikin fomular kanta, kamar `=B2*#REF!`, an goge layi ko kolum ko shafin da take dogaro da shi. In yanzun nan aka yi, Ctrl+Z zai dawo da shi. In an riga an adana an rufe, Excel bai ajiye tarihin abin da ke wurin ba, sai ka nemo tsohon kwafi ko ka sake rubuta adireshin da hannu.

Idan kuwa fomular ba ta da wannan kalma a cikinta, VLOOKUP ce kuma, ƙidaya kolum. Zangon A zuwa C kolum uku ne, in ka ce a ɗauko na 4, #REF! za ka samu.

Ina cire kwanan wata daga wani don in san kwana nawa bashi ya yi, sai #VALUE! a wasu layukan kawai.

Dubi kwanakin da suka ƙi. In duk ranarsu ta wuce 12, kamar 25/03/2024, to kwamfutar an saita ta a tsarin Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana. Mu muna rubuta rana, wata, shekara, ita kuwa ta nemi wata na 25 ta rasa, sai ta ajiye shi a matsayin rubutu, za ka gan shi jingine a hagu. Ana iya ceto irin wannan da fomula, in an rubuta shi da alƙaluma biyu-biyu da shekara cikakkiya:

```
=DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Abin da ya fi damuna a irin wannan hoton shi ne layukan da ba su nuna kuskure ba. 05/03/2024 da kake nufin 5 ga Maris, kwamfutar ta karɓe shi a matsayin 3 ga Mayu, ta yi lissafi a kai ba tare da ta ce uffan ba. Don haka bayan an gyara Region a saitin Windows, waɗannan layukan sai an gwada su da takardar asali ɗaya bayan ɗaya.

#DIV/0! a kolum ɗin matsakaicin maki fa?

Wannan mai sauƙi ne. Ɗalibin bai da maki ko ɗaya tukuna, ko akwatin da ake rabawa da shi ba komai. AVERAGE ma haka yake yi idan bai tarar da lamba ko ɗaya a zangon ba, kuma in kana ganin maki a wurin amma ya ba da #DIV/0!, makin rubutu ne, ka koma kan amsar C9. Idan da gaske ba komai, gwada mai rabawar kai tsaye: `=IF(C2=0,"",B2/C2)`.

Fayil ɗin yana aiki a kwamfutar ofis, a tawa kuma #NAME? yake nunawa.

In ka ga `_xlfn.` a gaban sunan aikin a layin fx, kamar `_xlfn.XLOOKUP`, Excel ɗinka ya girmi fomular. XLOOKUP yana cikin Microsoft 365 da Excel 2021 zuwa sama, babu shi a na 2016 da na 2019, waɗanda har yanzu suke kan kwamfutoci da yawa. Sai a sake rubuta ta da VLOOKUP, ko da INDEX da MATCH:

```
=INDEX(Farashi!$C$2:$C$61,MATCH(A2,Farashi!$A$2:$A$61,0))
```

In babu `_xlfn.`, karanta fomular harafi-harafi. Ko an rubuta VLOKUP, ko an sa kalma ba tare da alamar zance ba, kamar `=IF(B2>=40,Ya_ci,Ya_fadi)` inda ya kamata kowace kalma ta shiga cikin `" "`.

Abokin cinikina a Maraɗi ya turo hoto, kuskurensa #NOM? ne da #VALEUR!. Wasu ne daban?

Su ne dai, Excel ɗinsa na Faransanci ne. #NOM? shi ne #NAME?, #VALEUR! shi ne #VALUE!, su kuwa #N/A da #REF! da #DIV/0! ba su sauya ba. Idan fayil ka tura masa, Excel zai fassara sunayen fomuloli da kansa. Amma in ka rubuta masa fomula a saƙo ya kwafa, VLOOKUP ba zai yi aiki ba, domin a wurinsa sunansa RECHERCHEV, FALSE kuma FAUX, sannan galibi waƙafi mai ruwa ne ke raba sassan fomula, tunda waƙafi a tsarinsu na gutsuren lamba ne:

```
=RECHERCHEV(A2;Farashi!$A$2:$C$61;3;FAUX)
```

Kafin ka rubuta wa kowa gyara, dubi fomular da ke hotonsa ka ga da wace alama yake rabawa, ka bi tasa.

Akwatin ya cika da ##### kawai.

Yawanci ba kuskuren fomula ba ne, kolum ɗin ne ya yi wa lambar kaɗan, ka faɗaɗa shi. In ka faɗaɗa bai tafi ba, kwanan wata ne ko lokaci da ya fito ƙasa da sifili, wato an cire babba daga ƙarami.

A Google Sheets nake aiki, a waya. Duk wannan ya shafe ni?

Kusan duka. Sheets ma yana da wani sauƙi: idan ka ɗora linzami a kan akwatin, ko ka taɓa shi a waya, yakan fito da ɗan bayanin dalilin kuskuren, har ya ambaci abin da ya nema bai samu ba. Ka ɗauki hoton da wannan bayanin a buɗe. Yana kuma da #ERROR!, wanda ke nufin bai iya karanta fomular ba sam, galibi saboda baka da ba a rufe ba ko alamar rabawa da ba ta dace da saitin fayil ɗin ba.

Fomular doguwa ce, IF cikin IF da VLOOKUP biyu. Ta yaya zan san wane ɓangare ne ya kawo kuskuren?

A nan hoto ya kai iyakarsa, sai an taɓa fayil ɗin. Danna akwatin, shiga Formulas, zaɓi Evaluate Formula. Duk danna Evaluate ɗaya, Excel zai lissafa ɓangaren da ya ja wa layi a ƙasa ya nuna sakamakonsa, kuma matakin da kuskuren ya fara bayyana shi ne wurin da za ka tsaya. Hanya ta biyu ita ce ka zaɓi wani ɓangare a layin fx, misali VLOOKUP ɗaya daga sunansa har bakan rufewarsa, ka danna F9 ka ga abin da ya bayar. Ka fita da Esc, kada ka danna Enter, in ba haka ba sakamakon zai zauna a madadin wannan ɓangaren na fomular.

Idan kai ne mai taimako daga nesa, ka ce wa mai fayil ɗin ya kwafi kowane VLOOKUP zuwa akwatinsa daban a gefe, ya sa `=ISNUMBER()` da `=LEN()` na abin da ake nema a kusa da su, ya danna akwatin da ya nuna kuskure, sannan ya sake ɗaukar hoto da layin fx a ciki.